Buɗe Shagon Baba

Ban runtsa ba, kuma da gari ya waye tambayar tana nan inda na bar ta: shin fim ɗin ne ya yi tsawo, ko ni ne na kasa ɗaga hannu?

Malamarmu ta ce minti goma, har da sunayen ƙarshe. Abin da ya haura ba za ta kalla ba. Nawa sha uku ne. Labarin wani mai aski ne da hannunsa ya soma rawa, ran nan ya yanki kunnen mai zuwa aski, daga ƙarshe ya miƙa wa ɗansa almakashi. Baba ne ya fito a mai askin, a shagonsa. Mun gama ɗauka, bai kai ga gani ba ya rasu.

A ɗakin tace hoto na tarar da abokiyar karatuna da muke kira Hajiya Datsa, saboda ba ta tausayin aikin kowa. Na nuna mata dabarata: na tsakuri daƙiƙoƙi nan da can, na matse ƙarshen.

"Darakta, ka yanke ƙafa don takalmi ya shiga," in ji ta. "Sai a minti na takwas kunne ke yankuwa. Yaushe tsohon zai yi jayayya da kansa? Yaushe zai haƙura? Miƙa almakashin nan kamar ana ba da canji."

"Gabatarwar tana buƙatar numfashi."

"Numfashi ko barci? Minti biyu sun isa mu san shi, mu ga hannun. Kai ka ba shi biyar yana shara."

Ta ja hoton baya. Baba yana ɗaga ƙofa, yana share gashin jiya, yana goge madubi da jarida, yana jera mataji bisa tsawonsu. Babu inda na yanke hoton ko sau ɗaya. Can sai ya ɗago, ya dubi kyamara, ya manta cewa wasa yake: "Auta, in ci gaba, ko ka gaji?"

Datsa ta janye hannu daga kwamfutar. "Allah ya jiƙansa," ta ce a hankali. "Bari in nemo ruwa."

Na jira in ji wani abu. Fanka kawai nake ji, da wani a ɗakin kusa yana maimaita sauti guda.

Na kwafe dogon hoton a wayata, saboda Mama. Sannan na nemi inda matajin ƙarshe ya ɗan kuɓuce masa, na mai da shi farkon fim. Duk abin da ya zo kafinsa na goge, da ɗagowar Baba da ta biyo bayansa. Yankan kunnen ya dawo tsakiya. Na mayar wa ƙarshen shirunsa, har hannun tsohon ya daɗe a kan almakashin kafin ya saki.

Da Datsa ta dawo, ta dubi lokacin da ke ƙasan allo, ta dube ni. Na matsa mata kujera, na kunna daga farko.