Farin da Ke Gefen Ƙuna

Auta ta yi rantsuwa ba za ta kalli allon ba. Abokin aikinta ne zai ɗauki hoton, ita kuwa ta rako yayanta ne kawai. Amma wanda ya daɗe yana aiki a ɗakin sikanin ba ya iya tsayawa a bayan gilashi ya kalli bango.

Yaya na kwance a kan gadon na'urar, hannuwansa sama da kai, an haɗa allurar hannunsa da famfon ruwan hoto. A watannin baya likitoci suka ƙona masa wani ƙari a hanta. Yau za a gani ko ƙarin ya mutu, ko kuwa luf ya yi.

A kan gadon nan Baba ya kwanta, da ciwo iri ɗaya. Tun daga lokacin, duk dattijon da aka kwantar ya ɗaga hannuwa, sai Auta ta ga ƙafafun Baba sun leƙo daga ƙarƙashin zanin asibiti. Yau kuwa ba sai ido ya yi mata gizo ba, don Yaya ya gaji ƙafafun Baba har da karkataccen ɗan yatsan.

"Za ka ji ɗumi ya bi jikinka, bakinka ya yi ɗanɗanon ƙarfe," in ji abokin aikin ta lasifika. "Kamar ka yi fitsari, amma ba ka yi ba."

"Idan ma na yi, ƙanwata ce za ta wanke," in ji Yaya. "Na wanke nata tana ƙarama."

Famfo ya tura ruwan. Sinadarin aidin ne a cikinsa, mai tare hasken na'urar, saboda haka duk inda jini ya kai shi sai wurin ya fito fari a hoto. Babbar jijiyar ciki ta fara yin fari tas, sannan rassanta. Auta ta duba ko ruwan ya malala waje da jijiya, alamar zubar jini. Babu.

Sai hantar ta bayyana. Wurin ƙunar baƙi ne, kuma baƙin Auta take roƙo, domin mataccen nama ba ya shan jini. Abokin aikin ya ci gaba da sauko da hotunan ɗaya bayan ɗaya. A gefen baƙin, ta ƙasa, ga wani ɗigo fari kamar ƙwayar wake.

"Bari mu ga zagaye na gaba," ya ce a hankali. "Wataƙila jijiya ce."

Suka jira ruwan ya ratsa hantar. Ta yi haske gaba ɗaya, babbar jijiyar da ke shigarta ta cika fal, babu duhun toshewar da aka gani a ta Baba. Amma ɗigon ya dusashe, ya fi naman da ke kewaye da shi duhu. Haka irin wannan ƙarin yake: ya riga kowa sha, ya riga kowa saki. Tsoro ya kama ta.

Faɗin sakamako ba aikinta ba ne, na likita ne, kuma sau da yawa wannan ƙa'idar ta rufa mata asiri. Ta gyara fuska ta shiga, ta karɓi audugar daga hannun nas.

"Kai, Yaya, wannan hanta taka sai ka ce ta bijimi! Ga gado a bushe, ka tsira da mutuncinka. Ka dage da shan ruwa yau, ƙoda ta fitar da abin."

Ta zare allurar, ta danne wurin, tana ta zuba surutu. Shi kuwa kallonta kawai yake yi.

"Auta," ya ce. "Ke fa ba mai surutu ba ce. Ranar Baba ina tsaye a bakin ƙofar can. Haka kika yi ta ba shi dariya."

Ta mai da idonta kan audugar.

"Likita ne zai…"

"Na sani. Ban ce ki faɗa ba." Ya buɗe mata tafin hannunsa. "Nuna mini girmansa."

Ta daɗe tana kallon tafin. Sannan ta ɗora kan ƙaramin yatsanta a tsakiya.

"Na Baba fa?"

Ta dunƙule hannunta duka ta sa a ciki. Ya riƙe shi, yana jinjinawa kamar mai awo.

"Wannan ana iya sake ƙonawa?"

"Ana yi. Sai abin da likita ya ce."

Ya tashi zaune, ya laluba takalmansa da ƙafa. A waje, a kan bencin jira, mahaifiyarsu na zaune inda ta zauna wancan karon.

"Idan mun fita ki yi shiru, ki ɗaure fuska yadda kika saba," ya ce. "Ko murmushi kada ki yi wa Mama. Ita ma tana nan ranar."