Jan da Hadassah Ta Zaɓa

Shekara da shekaru Mama Saratu ta yi tana sayar da atamfa a Kakuri, kuma a zamaninta daga tsallaken titi take gane zanen da zai zuba. Yanzu hawan jinin ido ya bar mata inuwa kawai. 'Yarta Hadassah, da ke aikin jinya a Turai, ta san idon "yana ɗan damunta". Iyakar abin da aka gaya mata ke nan.

Hadassah za ta dawo a yi bikinta a Sabon Tasha, ta kuma ɗora wa uwar zaɓen ankon matan zumuntar coci, don a ganinta babu mai ido irin na Mama. Da farko hoton kalar da take so ta turo, sai ya fito kala uku a waya uku. Saboda haka ta turo lambobi: 345, 60, 30. Ta ce lamba ba ta ƙarya.

Wanda zai karanta lambobin shi ne yayan Hadassah, Ebenezer, mai zana fosta da katin biki a kwamfuta. Tun haihuwa ba ya raba ja da kore. Da lambobi yake cin abinci, kuma ba wanda ya taɓa dawo masa da aiki. Haka aka zaunar da mutum biyu a tsakar gida su yanke hukunci kan launi.

Hajiya Rakiya ta Makera, tsohuwar abokiyar kasuwancin Mama, ta riga ta isa Kano za ta saro kayan. Wayarta 'yar ƙarama ce mai madannai, ba ta karɓar hoto.

"Maman Ebenezer, ni da baki za ki gaya mini," in ji ta a waya. "Ki yi sauri, mai shagon ya fara kallona."

Ebenezer ya gyara zama. "Mama, ta farkon tana faɗin wane launi ne. Zagaye ne, ja a sifiri, kore a 120, shuɗi a 240, a 360 a dawo kan ja. 345 ja ne, amma ya ɗan karkata wajen shunayya. Ta biyun ƙarfinsa ce. Sittin cikin ɗari, bai koɗe ba, bai kuma yi tsawa ba. Ta ukun haske. Sifiri baƙi, ɗari fari, hamsin tsakiya. Talatin ya yi duhu."

"To mene ne?"

"Ja mai duhu."

"Kuɗin makarantarka ke nan? Ja mai duhu? Akwai jan zoɓo, akwai jan hanta, akwai na goron da aka tauna, akwai na manja. Wanne?"

Ya san manja da goro sun karkata wajen ruwan lemo, can ɗaya gefen sifiri, don haka ya cire su. Saura zoɓo da hanta. Duka biyun a idonsa ƙasa-ƙasa ne.

"Bari in kira maƙwabciyarmu Maman Celina ta duba allon wayar."

"Ka kira ta. Kafin Lahadi duk zumunta ta ji Saratu ba ta gani, kafin Litinin Hadassah ta ji."

Sai ya ɗauko zoɓo a kofin gilashi, ya ɗauki hotonsa, ya sa waya ta auna. A rana ta ce 352, 70, 38. Ya matsa ƙarƙashin mangwaro, hasken ya faɗi zuwa goma sha biyu, kusan baƙi. Zoɓo ɗaya, kofi ɗaya.

"Me ta ce?"

"Ta ce ya danganta."

"Ashe ita ma ta yi jami'a."

Hajiya Rakiya ta sake bugowa. Mama ta riƙe wayar da hannu biyu. A da, ita ake bugo wa a tambaya.

"Hajiya, zoɓo. Wanda ya ji ganye, ba na sayarwa ba."

"Akwai kala huɗu a gabana, duk zoɓo ne."

"Ɗauki na tsakiya."

"Huɗu ba su da tsakiya, Maman Ebenezer."

Mama ta ce, "Wanda ya kwanta miki."

Da kayan suka iso, Ebenezer ya shimfiɗa turmi ɗaya ya auna. A ɗaki 340, a bakin ƙofa 356, a rana 4. Ya gaya mata duk ja ne, kuma biyu daga ciki suna gefen da ake so. Ta murza bakin zanen tsakanin yatsu, ta shinshina. Auduga ce mai kyau, ba za ta zuba ba. Wannan kam ta sani.

Da yamma Hadassah ta kira.

"Mama, kin ga kalar? Ita ce? Ni ke kaɗai na yarda da idonki."

Mama ta juya fuska wajen da take jin numfashin ɗanta. Shi kuma yana kallon zanen, yana ganin ƙasa-ƙasa.

"Ita ce," in ji ta. "Ja mai duhu."