Satifiket Ba Lamba

Duk wanda ya zauna unguwar Sabo ta Ibadan a shekarar da aka fara yaƙin Biyafara ya san Manniru mai tafireta. Teburinsa na bakin titin da ya gangara Mokola, a nan yake buga wa fataken goro da 'yan shanu wasiƙu. Ya iya aikinsa, wannan ba a musu. Sai dai zuciya, Allah Ya kyauta.

Abin da ke cin ransa shi ne Iliyasu, ɗan ƙanen babansa. Shi ya koya wa Iliyasu ɗora yatsu a kan wannan tafiretar, amma Iliyasu ya je makarantar yamma ya ci jarrabawar buga kalma hamsin a minti ɗaya. Manniru kuwa sau biyu yana faɗuwa, yana nan a kalma talatin da biyar tun shekarar sittin da biyu.

Da akawunan Gabas suka koma gida, wani kamfanin sufuri a Dugbe ya nemi mai buga tafireta. Mutum ɗaya ake so. Manniru ya buga tasa takardar tarihin karatu da aiki ya ɓoye a aljihun tebur. Kashegari sai ga Iliyasu da ambulan.

"Yaya, ka tsara mini, kai ka san kan abin."

Ya sani kuwa. Satifiket mafi sabo, wanda ya shafi aikin, shi ake sawa a sama: sunansa, hukumar da ta bayar, wata da shekara, sannan lambarsa. Sauran su biyo baya har zuwa firamare. Haka ya yi wa kansa. Amma da ya zaro satifiket ɗin Iliyasu na kalma hamsin ɗin nan, Yuli 1966, da hatimin hukumar jarrabawa ta Landan, sai ya tura shi ƙarƙashin sauran. Hassada ce, ba wani suna da za mu sa mata.

Sai ya fara da firamare, 1958. Ya bi da ƙaramar sakandaren da ake kira modan, 1961. Can ƙasa ya buga "Satifiket na tafireta" kurum. Ba sauri, ba hukuma, ba shekara, ba lamba.

Iliyasu ya duba ya ce, "Yaya, na firamare ne a sama?"

"Babba ake sawa gaba. Ko a gidanku ƙane na riga wa sa hannu a akushi?"

Bawan Allah ya yi godiya ya tafi.

Bayan mako biyu aka kira su rana ɗaya. A bencin ofis suka haɗu, Manniru ya ce ai shi ma ya jefa ne don gwaji. Babban akawu, wani dattijon Bayarabe mai suna Mista Adeagbo, ya shigar da su tare. Ya yi zaman Kano, Hausarsa tas. Ya shimfiɗa takardun biyu a tebur.

"Tun da aka fara yaƙin nan, satifiket ɗin da masu su suka bari ake kankare suna a kawo mana. Saboda haka sai na aika wa hukuma lamba da shekara ta tabbatar. Wanda ba lamba, kwandon shara." Ya ɗaga ta Iliyasu. "Wannan ma can ta nufa, sai na ga harafin 'e' yana tsalle sama da layi. Na duba ɗayar, shi ma haka. Tafireta ɗaya ce. Wa ya buga?"

Manniru ya ce shi ne, da wata 'yar murya.

"To, mutumin da ya san inda lamba ke zama a tasa, me ya hana ta zama a ta ɗan'uwansa?"

Ana jin wata mai lemo tana talla a waje. Iliyasu ne ya buɗe baki.

"Ranka ya daɗe, mantuwa ce. Aiki ya yi masa yawa ran nan. Shi ya koya mini duk abin da na iya."

Wallahi da mari Iliyasu ya kwaɗa wa Manniru da ya fi sauƙi.

Mista Adeagbo ya karɓi ambulan ɗin Iliyasu, ya duba hatimi, ya kwafe lamba. Ya ce idan amsa ta zo daidai aiki nasa ne, amma ya kawo takarda tsararriya don fayil. Manniru kuwa, dattijon ya miƙa masa tasa ko kallonsa bai yi ba.

Da la'asar Iliyasu ya zo teburin, ya zauna inda ya saba. Bai ta da maganar ba. Manniru ya sa takarda a tafireta, ya fara da Yuli 1966.

"Bari in karanto maka lambar, Yaya."

Ya sunkuya yana laluben ambulan. Kafin ya ɗago, Manniru ya buga ta duka, ba kuskure ko ɗaya. Iliyasu ya dubi takardar, ya dubi satifiket ɗin da bai gama zarowa ba, ya daɗe yana kallon wansa.

"Ashe ka haddace ta," ya ce.