Kwandon Gwandar Alhaji Maharazu

Alhaji Maharazu, dillalin lemo a kasuwar Zuba, bai taɓa samun komai ta takarda ba. Rumfarsa magana ce ta ba shi. Filin gidansa ma magana ce. Abin da ya sani shi ne ka tashi ka je, ka gaisa, ka ajiye ɗan ihsani, ka faɗi bukata.

'Yarsa Sumayyah ta gama kwalejin kiwon lafiya, ɓangaren magunguna, ta yi rajista, ta dawo gida ta zauna. Zaman ya yi tsawo har ta fara zancen bin ƙawarta Legas. Wannan zance shi ne ƙaya a maƙogwaron Alhaji.

Ran nan ta zo masa da waya a hannu.

"Baba, famasin Madam Rosemary na Gudu suna neman ma'aikaci."

"Inda nake sayen maganin hawan jini? Karanta."

Ta karanta rubutun da ke ƙarƙashin hoton tallar: "Ana neman teknishan na famasi mutum ɗaya. Sharuɗɗa: shaidar kammala karatu, rajista da hukumar kula da harkar magunguna, lasisin bana, jin Hausa da Turanci, iya aiki da kwamfuta, da yarda da aikin Asabar. A turo CV da hoton takardu ta WhatsApp kafin Juma'a. Duk wanda ya turo wani ya yi masa magana, ya cire kansa."

"Maimaita na ƙarshen."

Ta maimaita.

"Wannan don baƙi aka rubuta. Matar nan ta san ni. Gobe zan kai mata kwandon gwanda."

"Baba, don Allah kar ka je."

"Ni za ki koya wa neman abu?"

"Ka kai gwanda, ta ci gwanda, ni ta jefa takarduna a kwandon shara. Wallahi in haka ta faru, Legas zan tafi."

Alhaji ya tashi ya shige ɗaki. Da safe ya sa aka saka kwandon gwanda a but ɗin mota, ya nufi Gudu. Dama maganinsa ya kusa ƙarewa.

Ya bar kwandon a mota tukuna, ya shiga. Tallar na manne a ƙofar gilashi. Madam Rosemary, mai kantin kuma ita ce famasis ɗin, wato ƙwararriyar magunguna, ta fito da fara'a.

"Alhaji oga! Zauna in gwada jininka. Yaya iyali?"

"Lafiya lau." Ya miƙa hannu, ta naɗa masa abin awo. Ya nuna ƙofa da haɓa. "Wannan takarda, me ya sa kika ce kar a turo kowa?"

"Hmm, Alhaji, na sha wahala. Mai gidan nan da nake haya ya kawo mini yaro, ba takarda, ba komai. Yana sayar da maganin da sai likita ya rubuta, kamar alawa. In hukuma ta zo, lasisina ne zai tafi. In kore shi, mai gida ya yi fushi. Na rantse, ko uwata ce ta turo mutum, ba zan ɗauka ba."

"Ko da yaron na da takardunsa?"

"Ko yana da guda ɗari. Wanda ba zan iya kora ba, ba zan iya ɗauka ba." Ta dubi allon na'urar. "Kai! Ya hau yau. Me kake tunani? Ina yarinyarka da kake ce tana makaranta?"

Ga ƙofar magana a buɗe. Sunan ya zo har bakin leɓe. Alhaji ya haɗiye shi kamar ƙwayar da ba ruwa.

"Tana nan. Ba ni maganina."

Ya koma Zuba da kwandonsa. Gwandar ya raba wa masu lodi, da faɗa, kamar su suka yi masa laifi.

Bayan Juma'a aka kira Sumayyah. Ta tafi ita kaɗai a motar haya. Sai la'asar ta dawo, ta same shi a tsakar gida yana ta gyaran rediyon da bai lalace ba.

"To?"

"Ta ba ni takardar likita na karanta. Ta sa na jera magunguna, masu kusa lalacewa a gaba. Sai wani ya shigo yana neman tiramol ba takarda, har da tsawa. Na ce sai dai ya ga Madam. Ashe direbanta ne, gwaji ne."

"Ni ban tambaye ki tarihi ba. An ɗauke ki?"

"Gwajin wata ɗaya. Litinin zan fara."

Alhaji ya ajiye rediyon.

"Asabar ma aiki?"

"Har Asabar."

"To, ki riƙa fita da wuri. Hanyar nan da safe ba ta da mutunci."