Giga Goma Sha Ɗaya na Mahfuzu

Saƙon ya shigo wayar Sadiƙa ranar Juma'a da la'asar, kwana biyu da binne ƙaninta Mahfuzu a Duwala. Ba ta buɗe shi ba sai ranar Litinin, da gidansu na Jambutu ya rage 'yan gaisuwa.

Serge ne ya turo, abokin aikin marigayin a kamfanin ɗaukar katako. Ya rubuta cewa wayar da Mahfuzu yake riƙe da ita ta kamfani ce, kuma an ce a mayar za a goge ta a ba sabon direba. Kafin ya miƙa, ya zauna da intanet ɗin ofis ya tattara duk abin da ke ciki, hotuna da bidiyo da muryoyi, ya ɗaure su a fayil guda ya ɗora a wani shafin aika manyan kaya. Ga liyen ɗin, wato adireshin da za ta danna ta sauke. Kwana bakwai kawai shafin yake ajiyewa, Juma'a mai zuwa ƙarfe uku na rana zai mutu. Giga goma sha ɗaya ne.

Sadiƙa mai buga takardu ce a shagon Madam Berthe, ta san nauyin wannan lamba. Wayarta ba ta da wurin da zai ɗauka. Kwamfutar Madam kuwa ana kashe ta a cire fulogi kullum ƙarfe shida. Kuma da rana a unguwarsu hoto ɗaya ma sai ya yi ta juyi kafin ya buɗe, balle a ce data ta rana da ake saye kamar turare.

Ta je ta gaya wa mahaifiyarsu Iyatu. Shekara uku rabonta da ganin ɗan nata, gawarsa ma ba ta gani ba.

"Yana magana a ciki?" Iyatu ta tambaya.

"Serge ya ce akwai bidiyo da yawa, Inna. Har da wanda ya yi miki na sallah bai samu ya turo ba."

"To ki je wurin yayanki."

Abdulbaƙi, babban wansu, shagon turi yake da shi a bakin kasuwa. Yana sauke finafinai da waƙoƙi yana zuba wa mutane a waya. Aikinsa duka na dare ne ba tare da ya kwana a wurin ba. Da magariba zai sayi forfe, wato ƙunshin data na dare, wanda ke fara aiki sha biyu ya ƙare shida na safe, ya jera abin da yake so a manhajar saukewa, ya saita ta fara da kanta sha biyu da minti biyar ta tsaya shida saura minti biyar, don kada ta ci kuɗin rana. Sai ya kulle shago ya tafi gida. Lokacin gari ya yi barci, rezo, wato layin intanet, ya sarara, kaya na shigowa ɗaya bayan ɗaya bisa layin da ya jera.

"Giga biyar forfe ɗin yake bayarwa a dare," in ji shi, yana duba liyen ɗin. "Dare uku ke nan. Shafin yana yarda a ci gaba daga inda aka tsaya, wannan ya taimake mu. Muna da dare huɗu. Ki kwantar da hankalinki."

Ita da idonta ta ga ya sa fayil ɗin a saman layi.

Safiyar Talata ta biya ta shagon kafin ta wuce aiki, ta tarar giga biyar cif sun sauka. Ta je gida da rana musamman don ta gaya wa Iyatu. Tsohuwar ta sa aka goge mata gilashin idonta, ta ajiye a kan taga.

Daren Talata aka ɗauke wuta wajen ƙarfe ɗaya. Kwamfutar ta mutu, ko da wutar ta dawo ba mai kunna ta. Giga ɗaya kawai aka ƙara. Wannan ba laifin kowa ba ne, Sadiƙa ma ba ta ɗora wa kowa ba. Ta ciro kuɗin forfe na Laraba daga jakarta ta ba Abdulbaƙi, ya ƙi karɓa.

"Ƙanina ne ni ma," ya ce.

Safiyar Alhamis ta tarar shida da rabi.

"Rezo ne ya yi iskanci jiya," in ji Abdulbaƙi, bai ɗago daga wayar da yake zuba wa waƙa ba. "Kowa yana kuka da shi."

"Yaya, saura dare ɗaya. Huɗu da rabi ya rage."

"Ai bai kai biyar ba. Yau zai ƙare."

"Ko in zo in kwana a nan?"

"Mace a shagon kasuwa? Me za ki yi, ki tura shi da hannu?"

Ta yi dariya don ya yi. Da yamma ta sake dawowa, ta ga fayil ɗin a sama, agogon manhaja a saite, fitilar modem tana walƙiya. Ta tafi gida ta ce wa Iyatu gobe in sha Allahu.

Ranar Juma'a tun bakwai da rabi tana bakin shagon. Ta tarar da samari a tsaitsaye, kowa da wayarsa a hannu, an liƙa kwali a ƙofa cewa sabon zangon wani fim mai dogon zango da aka fassara ya iso. Ta ratsa su ta leƙa allon. Bakwai da rabi. Giga ɗaya aka ƙara.

"Rezo," Abdulbaƙi ya fara.

Ba ta saurare shi ba. Ta ja linzamin kwamfutar ta buɗe jerin abin da aka gama saukewa. Manhajar tana rubuta lokacin kowane. Kashi na ɗaya na fim ya gama ɗaya saura minti ashirin. Na biyu, ɗaya da kwata. Haka ta bi su har guda takwas, giga huɗu. Na Mahfuzu bai motsa ba sai wajen huɗu da rabi, ya ci ragowar giga ɗayan, forfe ya ƙare. Ta koma daren Laraba, ta ga irin wannan jerin. Rezo lafiyarsa ƙalau a dare biyun.

"Bayan na tafi ka sauko da shi ƙasa," ta ce a hankali, saboda mutane.

Ya ja ta gefen kanta. "Saurara. Wancan shagon na tsallake tun Laraba ya fara samun fim ɗin. In suka je can yau ba su dawowa. Na zaci gobe Asabar liyen zai mutu, wallahi haka na riƙe."

"Sau uku na ce maka Juma'a."

"Waye yake sayen maganin Inna yanzu? Da Mahfuzu yana turo wani abu. Yanzu shagon nan ne kaɗai. Hoto ba zai kai ta asibiti ba, Sadiƙa."

"Da ka gaya mini jiya da safe, da na nemi wani wuri."

Wani yaro ya miƙo waya ta saman kafaɗarta, ya karɓa.

Ta kira Madam Berthe ta ce yau ba za ta zo ba. Ta sayi datar rana da kuɗin da ta ware na ɗinkin 'yarta, ta cire saitin agogo, ta danna ci gaba. Da farko ya yi ɗan gudu, har manhaja ta ce saura awa huɗu. Kasuwa na cika, lambar tana ƙaruwa. Ƙarfe goma ta ce saura awa bakwai. Sha ɗaya ta ce sha ɗaya. Sadiƙa ta ɗaure modem ɗin a ƙarfen taga da igiyar caja, ta mayar da shi ƙofa, ta riƙe shi sama har hannunta ya yi sanyi. Duk wanda ya wuce da waya a kunne sai ta ji kamar daga bakinta yake ƙwace abinci.

Lokacin da maza suka tafi masallaci rezo ya ɗan saki, fayil ɗin ya yi gudu na kusan rabin awa. Ana idar da salla ya koma rarrafe. Abdulbaƙi ya dawo da ruwan sanyi a leda ya ajiye kusa da ita. Ba ta taɓa ba.

Uku da 'yan mintoci layin ya tsaya a giga tara. Ta danna ci gaba, ya ƙi. Ta buɗe liyen ɗin, shafin ya rubuta da Faransanci cewa wa'adin wannan saƙo ya ƙare.

Ta kira Serge daga nan inda take zaune. Ya ce da 'yar Hausar da ya koya a wurin Mahfuzu: "Ki yi haƙuri, yaya. Tun Litinin an goge wayar. Ban ajiye wani ba, ni ma ba ni da wuri."

Washegari ta kwashe guntun fayil ɗin ta kai wa Patrice, mai gyaran kwamfutar Madam Berthe. Ya yi mata bayani cewa irin wannan ƙunshi a ƙarshensa ake rubuta jerin abin da ke ciki, shi ya sa ya ƙi buɗewa, amma akwai manhajar da ke bin sa daga farko tana tsinto abin da ya iso cikakke. Ya yi kwana biyu a kai. Abin da ya fito, manyan jakunkunan aiki ne da suke gaba: dubban hotunan gunduwar katako da lamba a jiki, takardun hanya, tayoyin da suka fashe, da dogayen bidiyon lodi da kamfani ke sa direbobi su ɗauka. Jakar da Mahfuzu ya ajiye nasa na kansa a ƙarshe take, ba ta iso ba.

Sadiƙa ta yi mako tana bin su ɗaya bayan ɗaya bayan an tashi aiki. Fuskarsa ba ta fito ko sau ɗaya ba, shi ne mai riƙe da wayar. A wani bidiyo na minti arba'in ta ji muryarsa daga bayan kyamara, yana ce wa mai injin ɗaga kaya da Faransanci ya dakata, ya sauke a hankali. Sai kuma ya yi tari. Ta yanko wurin, daƙiƙa shida, ta kai wa Iyatu.

Tsohuwar ba ta jin Faransanci. Ta kara wayar a kunne ta saurara, ta ce a sake, aka sake.

"Yana mura," ta ce. "Ina sauran?"

Abdulbaƙi yana tsaye a bakin ƙofar ɗakin da ledar magani a hannu. Sadiƙa ta dube shi, shi kuma ya dubi ledar. Ta san in ta faɗi gaskiya, tsohuwar nan da ɗa namiji ɗaya ya rage mata za ta kwana da abin a ranta.

"Rezo ne, Inna," ta ce. "Bai bari ya iso ba."

Iyatu ta ce Allah ya isa tsakaninta da masu rezo. Abdulbaƙi ya shigo ya durƙusa, ya fara ɓare mata ƙwayoyin yamma. Sadiƙa ta ɗauki mayafinta ta bi ta gefensa, ta janye gefen zanenta don kada ya taɓa shi.