Jar Alamar Likitan Keke

Mutum na uku ke nan a satin da ya kira ni, yana cewa ga shi a ƙofar shagonmu bai gan ni ba. Ni kuma ina zaune a ƙofar, ba kowa a layin sai mai faci yana gyangyaɗi.

"Me kake gani a gabanka?"

"Gidan mai. Da wani dattijo mai gajeren gemu, har ya karɓi keken."

Baffa ne, ƙanen Baba. Shekara uku da suka raba jari, shi ya riƙe tsohon shago kusa da gidan mai, mu muka dawo bayan kasuwa da sunan da kowa ya san Baba da shi: Likitan Keke. Gyaran keken ɗinki muke yi. Tun da na gama sakandare nake kan bencin nan.

Na buɗe taswirar waya na rubuta sunan. Ga shi nan, har da hoton Baba sanda gashinsa ke baƙi. Lamba biyu, tasa da tawa. Amma adireshin tsoho ne, jar alamar kuma na zaune daram a kan rufin Baffa.

"Baba, ana kwashe mana mutane."

Bai ɗago ba. Yana ta goge wani keke da tsumma.

"Rabon kwaɗo ba ya hawa sama."

"Wannan dai ya hau. Yana gidan mai."

Na fara da hanya mai sauƙi. Na taɓa wurin da kowa ke iya ba da shawarar gyara, na ja alamar zuwa layinmu. Aka ce za a duba. Kwana huɗu ina leƙawa, tana nan inda take.

Sai na taɓa inda ake tambaya ko kasuwancin naka ne. Aka ce wani ya riga ya mallaki shafin. Imel ɗinsa a rufe da taurari, harafi biyu kawai suka fito: li. Na cike buƙatar a ba ni shafin, na sa sunana da lambata da matsayina a shagon. Aka ce an aika wa mai shi, yana da kwanaki kaɗan ya amsa.

Bai ɗauki kwanakin ba. Washegari da hantsi amsa ta zo: an ƙi.

To, akwai mutum a bayan taurarin, idonsa biyu. Na zauna ina lissafa waɗanda za su iya. Ɗan Baffa mai son waya. Telan nan mai dogon wuya da ya daina zuwa wurinmu, ranar da muka haɗu ya tsallaka titi. Har mai faci na kalla. Ya yi min murmushi, ban ji daɗin murmushin ba.

Da azahar na tafi gidan mai. Kekuna bakwai a jere a shagon Baffa, biyu na san masu su.

"A'a, ɗan Yaya! Yau rana ta ina ta fito?"

"Baffa, a sake mana shafinmu."

"Shafin me? Littafi kuka bari a nan?"

Na nuna masa. Ya karɓi wayata da yatsa biyu kamar an miƙa masa kunama, sannan ya zaro tasa daga aljihu, ƙarama mai madannai, an ɗaure ta da roba.

"Da wannan na yi satar? Ko tocilarta ba ta kamawa."

"Ɗanka fa?"

"Wancan? Da zai iya satar kwastoma da na yi masa walima." Ya miƙo min wayar, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. "Wasu kai suke kira. Amma yawancinsu ubanka suke kira tukuna. Shi yake ce musu su bi taswira, inda ta tsaya nan ne. Je ka tambaye shi. Ni ban tambaya ba, shi bai faɗa ba."

Ban yarda ba. Amma a hanya na tuna wanda ya ɗauki hoton nan na Baba. Yayata ce, kafin ta yi aure, sanda muke tsohon shago. Na kira ta.

"Ke ce li?"



"Ni na buɗe wa shago imel ɗin. Da buƙatarka ta shigo na kira Baba, ya ce in ƙi."

"Gyaran da na tura fa?"

"Shi ma na mayar da shi yadda yake. Auta, kar ka yi masa hayaniya. Ka dai kalle shi."

Na koma na kalle shi. Shekara biyu muna benci ɗaya ban kalla ba. Shi ke goge keke, shi ke zuba mai, shi ke canza bel. Saita allura da ƙoshiya mai ɗauke da zaren ƙasa, inda kuskuren kaurin gashi ke sa keke tsallake ɗinki, kullum sai ya turo min ya ce in koya. Na ɗauka koyarwa ce.

Na ɗauki allura da zare na ajiye a gabansa.

"Baba, zura min."

Ya kai zaren. Ya wuce gefe. Ya lashi bakin zaren ya sake kaiwa, ya wuce ɗaya gefen. A na uku ya ajiye.

"Wa ya gaya maka?"

"Taswira."

Ya jingina da bango.

"Hazo nake gani. Mutum ya ɗauko keken da yake ci da iyali da shi, ya zo neman Likita, ya tarar da makaho? Gara ya tarar da ƙanena. Hannunmu ɗaya."

"Ni fa?"

"Kai yaro ne."

"Wa ya yi duk saitin da ya fita daga shagon nan bana?"

Ya laluba ƙarƙashin benci ya jawo wani tsohon keke da Baffa ma ya taɓa kasawa a kansa. Ya turo min da ƙafa.

Na yi awa biyu a kai. Da na gama ya sa ƙyalle ninki huɗu, ya juya da hannu, ya kara kunne. Sannan ya bi ɗinkin da babban yatsa daga farko har ƙarshe, ya juya bayan ya sake bi.

"Kira yayarka."

Ta saka imel ɗina cikin masu kula da shafin. Na goge tsohon adireshi, na ja jar alamar ta tsallake titi, ta bi bayan kasuwa, na sauke ta a kan rufinmu. Da yake adireshi ya canza, aka ce sai an sake tabbatarwa da bidiyo: ɗauka ɗaya ba yankewa, a ga layin, a ga allon suna, a ga kayan aiki, a ga shaidar cewa mai ɗaukar ne ke riƙe da wurin.

Da safe na tsaya a tsakiyar layi na fara ɗauka. Mai faci ya gyara hula ya shigo hoton ba a gayyace shi ba. Na ɗauki allon, na matso ƙofa. Kwaɗo na rufe. Baba ya ciro makullin daga aljihu, ya nemi ramin sau ɗaya, sannan ya sa min shi a tafin hannu. Na buɗe da hagu, waya a dama.

Aka ce duba bidiyon zai iya kai kwana biyar. A na uku wayar Baba ta yi ƙara. Wata mata ce, kekenta na tsinka zare.

"Bi taswira," in ji shi. Ya rufe wayar da tafin hannu ya juyo wajena. "Yau ina alamar take?"

Na duba.

"Nan."

Ya mayar da wayar kunne.

"In kin zo ki ce Likita ƙarami kike nema."