Gonar Dawar Inna Saude

A Ba'awa, cikin ƙasar Kiru, an yi wani magidanci Shitu, yana cikin mutanen farko da suka karɓi garmar shanu a ƙauyen. To, ita garmar ba ita kaɗai take zuwa ba, da takarda take tafe. Duk wanda ya karɓa, malamin gona zai riƙa zuwa masa yana cika wata takarda mai layi-layi. Kowane amfanin gona da layinsa, kowace damina da gurbinta: abin da aka kashe, abin da aka girbe, kuɗin abin da aka girbe ɗin, sannan riba a can ƙarshe.

Malamin da yake zuwa wa Shitu sunansa Malam Ɗahiru. Daga Kiru yake tahowa da kekensa, takardun a cikin jakar fata. Mutum ne mai tsanaki, ko kwabo ba ya bari ya ɓace masa a lissafi. A zaure yake zama kamar kowane baƙo, ya tambayi Shitu, Shitu ya faɗa, ya rubuta. Damina uku ana haka.

Ban da gonar gero ta bayan gida, Shitu yana da manyan gonaki biyu, kowacce eka biyu. Ɗaya ta gyaɗa, ɗaya ta dawa. Ta dawar nan ita ke cika rumbu, rumbun kuwa a hannun mahaifiyarsa yake, Inna Saude. Ita ke cewa a fito da dami, ita ke auna wa matan gida abin tuwo. Tun da mai gidanta ya rasu ba a taɓa sayen ƙwayar hatsi a gidan ba, kuma da wannan take taƙama ko a wajen suna ko a wajen biki.

A bazarar 1956 Malam Ɗahiru ya zo ya haɗa lissafin daminun uku. Gyaɗa ta ba da buhu takwas, sannan huɗu a shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, sannan bakwai. Kowane buhu fam biyu, kowace damina kuma an kashe fam huɗu a iri da takin zamani da buhuna da kuɗin jakai da na makaɗan gayya. Riba ta kama fam goma sha biyu, fam huɗu, fam goma. Jimla ashirin da shida. Dawa ta ba da dami talatin da shida, ashirin da takwas, talatin da biyu. An yi wa dami kuɗi sule biyar, sule ashirin kuwa shi ne fam ɗaya, an cire fam biyu-biyu na kashewa, riba ta tashi fam bakwai, biyar, shida. Jimla goma sha takwas.

Shitu ya sa aka maimaita masa har sau biyu, sannan ya ce, “Ashe fam takwas na yar a ƙasa ina kallo. Malam, bana gyaɗa zan zuba a gonar dawar nan. In kaka ta yi na sayi hatsin da kuɗin.”

Malam Ɗahiru ya ce, “Gonarka ce. Ni dai abin da takarda ta nuna na karanta maka. Ran Laraba zan dawo mu rubuta shirin bana.”

Da yamma Shitu ya shiga ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna ya gaya mata. Ɗan fari ne, don haka ba ta kama sunansa, kuma ba ta cika dubansa ido da ido ba. Tana kaɗi, ba ta ajiye mazarin ba ta ce, “Takardar ce ta ce haka?”

“Ita ce, Inna. Lissafi ne, ba son rai ba.”

“To, madalla. In mai takardar ya dawo a gaya mini.”

Ta ci gaba da kaɗinta. Amma Zuwaira matar Shitu ta ce kwanakin nan biyar tsohuwa ko tuwon kirki ba ta ci ba, sai ta je ta tsaya gindin rumbu ta daɗe, ta dawo.

Ran Laraba Malam Ɗahiru ya jingine keke, ya zauna a tabarma, ya buɗe jaka. Sai ga Inna Saude ta yafa zane ta fito zaure, ta sami bakin ƙofar ciki ta zauna. Malam ya yi maza ya zame daga tabarmar ya russuna.

“Ina wuni, Inna? An wuni lafiya?”

“Lafiya lau, ɗan nan. Ya hanya? Ya mutanen Kiru? Ya wannan dokin ƙarfen naka da ba ya cin dusa?”

“Yana cin faci dai, Inna.”

Ta yi dariya. “To, karanta mini abin da gyaɗa ta ci. A hankali, kunnena ɗaya ne mai aiki.”

Ya karanta: iri, taki, buhuna, jakai, makaɗa.

“Makaɗa. To su waɗanda aka yi wa kiɗan fa?”

“'Yan gayya? Ai na tambaya. Shitu ya ce gayya ce, ba a biyan kowa. Ga shi nan na rubuta babu.”

Shitu ya ce, “Gaskiya ne mana, Inna. Sun yi mini, na yi musu. Ko anini bai fita daga aljihuna ba.”

“Daga aljihu kam bai fita ba. Malam, ka taɓa ganin ƙato talatin sun wuni a sunkuye, sun tashi sun tafi gida da kiɗa kawai a cikinsu?”

Malam Ɗahiru ya ciro fensir daga bayan kunne.

Ta fara lissafa masa da yatsu. Gyaɗa gayya uku take ci duk damina, noman fari da maimai da ranar cira. Kowace gayya dami biyu na dawa ake sussukewa, a yi kunu da safe, tuwo da rana. Shida kenan. Matan da ke zuwa tsinke gyaɗar da ɓararta su ma ba da azumi suke zuwa ba, kwanakin da suke yi suna cin dami biyu. Takwas. Ita kuwa dawa, shanu su yi mata huɗa, mutanen gida su nome ta, da ta yi tsawo ta fi ƙarfin ciyawa. Gayyarta ɗaya ce, ranar girbi, dami biyu.

Malam ya ce, “Inna, kin tabbata? Har na shekarun baya?”

“Ni nake cewa a fito da shi. In ban san abin da ya fita ba, ta yaya zan san zai kai mu kaka? Kira Zuwaira ka tambaye ta, ita ta yi surfen, har yanzu tana mitar kafaɗarta.”

Daga bayan katanga Zuwaira ta ɗaga murya ta ce, “Takwas ne, Malam! Bara ma sai da aka kankare gindin tukunya!”

Inna ta ce, “Sannan ranar cira ana yanka akuya. Ka tambayi mai gidan nan ta wa ce.”

Shitu ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. “Ta Inna ce.”

Inna ta ce, “Guda nawa zuwa yanzu?”

“Uku.”

“Har da jar nan mai haihuwar tagwaye.”

Malam Ɗahiru ya goge goshi. Ya ce shi laifinsa ɗaya, kullum abin da yake tambaya shi ne nawa ka kashe, bai taɓa tambayar me aka ci ba. Abin da aka ɗebo daga rumbu ko daga turke, in dai don aikin gonar aka ɗebo shi, dole a yi masa kuɗi a ɗora wa amfanin da ya ci shi, ko da ba a je kasuwa ba. Ya juya takardar, ya ja sababbin layuka a bayanta.

Dami takwas a sule biyar-biyar, fam biyu. Akuya suka daidaita a kan fam ɗaya, bayan Inna ta ce jar ta fi haka, Malam ya ce a bar ta a tsaka-tsaki. Wato kowace damina gyaɗa ta ƙara cin fam uku da ba a rubuta ba. Ribarta ta koma fam tara, fam ɗaya, fam bakwai. Jimla goma sha bakwai. Dawa aka ɗora mata sule goma-goma na dami biyun gayyarta, jimlarta ta koma fam goma sha shida da sule goma.

Shitu ya ɗan miƙe zaune. “To ai har yanzu gyaɗa ce a gaba.”

Malam ya ce, “Ita ce a gaba. Da sule goma, a shekara uku. Amma dubi layin tsakiyar nan, shekarar da ruwa ya ɗauke. Gyaɗa fam ɗaya ta bar maka, dawa fam huɗu da sule goma. Kuma ka tuna sule biyar ɗin nan kuɗin kaka ne. In rumbu ya ƙare maka a tsakiyar damina, a nawa za ka sayi dami?”

“Tara. Wani lokaci goma.”

Inna ta ce, “Kuma in ya ninka gyaɗar, 'yan gayyar ma ninkuwa za su yi. Sai ya gaya mini inda zan ɗebo musu. Akuyoyina biyu suka rage, kuma na yi musu alkawarin tsufa.”

Malam Ɗahiru ya kasa riƙe dariya. Shitu bai yi ba. Ya karɓi takardar ya juya gaba, ya juya baya, alhali ba ya karatun boko, ajami kaɗai ya iya. Mutum ne da ba ya son a ce ya faɗi magana ya janye, ga shi kuma ya riga ya gaya wa abokansa a dandali cewa bana gyaɗa zai yi gaba ɗaya.

Can ya ce, “Malam, wanne ne na gaskiya, na gaban ko na bayan?”

“Na bayan. In na koma zan kwafe shi a sabuwar takarda, in kuma bi sauran gidajen da nake zuwa, don na san ba kai kaɗai ka ce mini babu ba.”

Shitu ya miƙa masa takardar. “To rubuta shirin bana. Gonar gabas gyaɗa, kamar kullum. Ɗayar kuma dawa.”

Malam ya rubuta. Inna Saude ta dafa bango ta tashi, ta ce a kawo wa baƙo fura, ta koma ciki. Da ta shiga ta sa Zuwaira ta sauko da zangarniyar irin dawar da ke rataye a madafa tun kaka, suka zauna suna murzawa. Kwana tara bayan nan aka yi ruwan shuka, aka shuka ta a gonar dawar.